Kundin da Malam Maharazu Ya Rubuta wa Gona da Garke

Shekara talatin da biyar Malam Maharazu ya yi yana koyarwa a makarantun firamare tsakanin Kankia da Kusada, kuma a duk shekarun nan ba a taɓa ba shi lasifika ranar taron iyaye ba. Yana da i'ina. Idan kalma ta maƙale masa sai ya runtse ido ya buga ƙafa sau ɗaya, sannan ta fito. Yara sun saba, manya ne ba su da haƙurin jira. Saboda haka tun yana sabon malami ya koyi shirya maganarsa a takarda kafin ya shiga aji: abin da zai fara da shi, tambayar da zai yi a tsakiya, minti nawa kowane abu zai ci, da abu ɗaya da yake so yaro ya tafi gida da shi. Sufetoci kan karɓi littafinsa na tsarin darasi su nuna wa sauran malamai, su yaba, su mayar masa, su hau baburansu. Bai zama hedimasta ba. Da ya yi ritaya ya tattara littattafan cikin wata akwatin ƙarfe, ya koma gidansa a Kankia, yana kiwon tumaki uku yana zuwa gonarsa ta gado a Mawashi.

Yana da ɗiyar ƙanwa, Jamilatu, malamar gona ce. Ƙauyukan da aka ba ta sun fi ƙarfin babur ɗaya, don haka ita da Bishir, wani magidanci mai ɗaukar bidiyon biki, suka fara ɗan shiri a waya, suka sa masa suna Gona da Garke. Ita ta tsaya a gona ta yi bayani, shi ya ɗauka ya yanyanka, su tura a zaurukan WhatsApp, daga nan mutane su riƙa tura wa juna waya zuwa waya. Wani makon shirin ya yi minti uku, wani makon goma sha biyu, wani makon ma babu. Mutane dai suna so. Maharazu kan kalla a wayar matarsa ya ce Allah ya yi albarka, ba ya ƙara komai.

A shekara ta biyu ta shirin ruwa ya yi saurin zuwa. A farkon watan Mayu aka sheƙa shi da rana tsaka, ƙasa ta yi ƙamshi, sannan sama ta ɗauke kamar ba ita ba. Mako uku bayan haka Maharazu ya je Mawashi duba gonarsa, ya tarar da amininsa Nagoggo tsugune a tasa gonar da ke maƙwabtaka. Tare suka tashi, tare suka yi kiwon awaki suna yara. Nagoggo mutum ne mai surutu, amma ranar sai da aka yi masa sallama sau biyu. A gabansa layukan masara ne, ta tsiro ta kai tsawon yatsa, ta ƙone.

"Masara a ruwan farko, Nagoggo?" in ji Maharazu. "Kai da ka san gero kaɗai ake gwadawa?"

Nagoggo ya zaro waya daga aljihu ya miƙa masa. "Ɗiyarka ce ta ce. Ga ta nan."

Jamilatu ce kuwa, tsaye cikin gona jiƙaƙƙiya, tana cewa ruwa ya zauna, wanda ke da irin masara ya shuka a wannan makon kada ya makara. Maharazu ya gane mayafin da ke jikinta, ya gane bishiyar da ke bayanta. Bara ta yi wannan maganar, a ƙarshen watan Yuni, lokacin da ruwa ya zauna da gaske. Wani ne ya tono bidiyon daga wayarsa ranar da aka yi ruwan nan, ya tura, ya zaga ƙauyuka. Babu rana a jikinsa, babu wata, babu shekara. Duk wanda ya gani zai ɗauka jiya aka yi shi.

Maharazu ya so ya yi bayani, kalmar ta maƙale. Ya buga ƙafa, ya bari. Ya zauna kusa da abokinsa har inuwa ta juya.

Da labarin ya kai wa Jamilatu ta zo gidan kawunta da la'asar, idanunta sun yi ja. Ta ce mutum shida ta ji labarinsu ban da Baba Nagoggo, kuma ita ta bar shirin. Bishir, wanda ya kawo ta, ya ce laifin na wanda ya tura ne, su gaskiya suka faɗa a lokacin da suka faɗe ta.

Maharazu ya bar su suka gama. Sannan ya tashi ya shiga ɗaki, ya jawo akwatin ƙarfen nan, ya ciro littafi ɗaya ya buɗe a gabansu. A saman kowane shafi akwai rana, aji, da zango.

"Ko darasin ƙidaya," ya ce a hankali, "ba na rubutawa ba rana. Ku ba ni kwana goma. Kada ku ɗauki komai kafin nan."

Kwana goman nan ya yi su a zaure, da safe bayan ya ba tumaki dusa. Ya sa Bishir ya zuba masa dukkan tsofaffin shirye-shiryen a waya, guda arba'in da ɗaya, ya kalle su ɗaya bayan ɗaya da agogo a gefensa. Ya lura da inda shi kansa hankalinsa ke fara tafiya, kusan kullum bayan minti huɗu. Ya lura Jamilatu kan cusa abu uku ko huɗu a shiri guda, taki da feshi da ajiyar wake, har mutum ya rasa wanne zai riƙe. Ya lura sunan shirin ya ambaci garke, amma sau biyar kawai aka yi maganar dabba. Ya sayi babban littafi mai bangon kwali, ya ja layi da rula, ya rubuta a bango: Kundin Gona da Garke.

Shafin farko ya faɗi ko shirin na wane ne: manomi ko makiyayi, namiji ko mace, mai ƙaramar waya, wanda wataƙila bai yi boko ba, kuma wataƙila sai bayan wata biyu shirin zai iso gare shi. Sannan fasali. Shiri zai fito kowace Alhamis bayan la'asar, domin ya kwana a wayoyi kafin a haɗu a masallacin Juma'a. Ba zai wuce minti huɗu ba. Sallama, daƙiƙa goma sha biyar, a faɗi lambar shiri da rana da wata da shekara. Aikin Mako, minti ɗaya da rabi, abu ɗaya tak, kuma a nuna hannu yana yin sa. Tambaya daga Ƙauye, minti ɗaya, a sa muryar mai tambayar yadda ya aiko ta. Wajen Garke, daƙiƙa arba'in da biyar, ko da damana ko da rani. Rufewa, daƙiƙa ashirin, a maimaita abu ɗayan nan. Idan an yi kuskure a shirin baya, gyara ne zai zo nan da nan bayan sallama, a rage daga lokacin tambaya.

Dokokin sun ci shafi uku. Rana da shekara su zauna a rubuce a kusurwar hoto daga farko har ƙarshe. Duk maganar da ta dogara da ruwan sama a haɗa ta da sharaɗinta, wato kada a ce a shuka wannan makon, a ce a shuka idan an haƙa ƙasa an tarar da laima ta kai zurfin tafin hannu bayan ruwa biyu masu ƙarfi. Awo a nuna shi da abin da ke gidan kowa, murfin kwalba ko gwangwanin madara. Maganin dabba ba a faɗin yawansa sai malamin dabbobi ya saurari shirin ya amince. Ba a kiran sunan kamfani. Ba a ɗaukar fuskar kowa sai ya yarda, kuma macen da ta ce hannunta kawai, to hannunta kawai. Kullum a ajiye shiri biyu da ba ruwansu da lokaci, kamar haɗa takin gida ko wasa fartanya, saboda makon da wani zai kwanta ciwo.

A ƙarshe ya zana takarda guda mai gurabe, wadda za a cike kafin a kunna kyamara: lamba, rana, wurin ɗauka, abu ɗaya da mai kallo zai tafi da shi, hotunan da ake bukata a jere, tambayar mako da mai ita, batun garke, da sunan wanda ya tabbatar da bayanin. Gurbin ƙarshe idan babu suna a ciki, shiri ba ya fita.

Bishir ya karanta yana taɓe baki. "Baba, wannan ai makaranta ce. Mutane dariya suke so, da hira. Minti ɗaya da rabi me za a faɗa a ciki?"

"Gwada sau huɗu," in ji Maharazu. "In bai yi ba, ka dawo mini da littafina."

Jamilatu ta bi shafukan har ta zo kan shafin gyara. Ta ɗago. "Kawu, da wannan za mu fara."

Shirin farko a sabon fasali a gonar Nagoggo aka ɗauke shi, da izininsa. Jamilatu ta tsaya kan layukan da suka ƙone, ta faɗi rana da shekara, ta ce bidiyon da ke yawo na bara ne, su ne ba su sa masa rana ba, kuma tana ba duk wanda ya yi asarar iri haƙuri. Sannan ta durƙusa ta haƙa ƙasa da hannu ta nuna zurfin laimar da ake nema. Nagoggo na gefe riƙe da fartanya. Da aka kashe kyamara ya ce, "To, yanzu na san da mutane nake magana." Ya sake shuka a watan Yuni, ya samu abin da ya samu.

Bishir bai dawo da littafin ba. Abin da ya jawo hankalinsa shi ne aikinsa ya ragu. A da yakan ɗauki awa guda ya zauna yana neman abin yanka, yanzu ya san hoto bakwai yake nema, ya ɗauka ya naɗe kaya. Ya buga kundin a kwamfuta, ya yi kwafin takardar gurabe da yawa. Kowace Litinin da hantsi su ukun kan zauna a zauren Maharazu su cike ta, Talata a ɗauka, Laraba a yanka a kai wa wanda zai tabbatar.

Gyara mafi muhimmanci ba daga cikinsu ya fito ba. Akwai wata mai tallan nono, Zuliha, daga wata ruga kusa da Kaikai, wadda ke kawo wa matar Maharazu kindirmo. Wata Litinin ta sauke ƙwaryarta a ƙofar zaure ta ji abin da suke tattaunawa. Ta ce tana ganin shirin a wayar mijinta, amma ba dukkansa ke iso su ba. Mutanen ruga kan yanke Wajen Garke kaɗai su tura wa juna, don shi ya shafe su.

"Ai akwai rana a kusurwa," in ji Bishir.

"Wannan rubutun ba ni aka yi wa ba," in ji Zuliha. "Ni kunne gare ni. Malam, in an yanke sallamar, ta ina zan san na bana ne?"

Maharazu ya dubi shafinsa. Kwana goma ya yi yana tunanin wanda bai yi boko ba, ya rubuta shi a shafin farko, amma ya bar masa rubutu a kusurwa. Ya ɗauki biro ya ƙara doka a ƙasan shafi: kowane sashe ya buɗe da faɗin wata da shekara da baki, ko da ya ci daƙiƙa uku. Ya rubuta sunan Zuliha a gefen dokar, da ranar da ta kawo ta. Daga nan ya riƙa yin haka ga duk dokar da aka ƙara. Ya kuma tambaye ta abin da take so ta ji a Wajen Garke. Ta lissafa masa: kaska, gudawar maruƙa, da yadda nono zai kwana bai lalace ba a lokacin zafi. Wata biyu suna cin wannan jerin.

A damana ta gaba Jamilatu na da ciki. Sun tsara za ta ɗauki shirye-shirye da dama ta ajiye kafin watanta, sai haihuwa ta zo da wuri, ana tsakiyar noman farko. Ta sauka lafiya, amma ga kwana arba'in na wanka a gabanta. Shiri biyu na ajiya suka fita a makonni biyun farko, babu wanda ya lura da wani abu. Litinin ta uku Bishir ya zo zaure shi kaɗai.

"Baba, ko dai mu dakata har ta fito, ko kai ka tsaya gaban kyamara."

Maharazu ya yi murmushi. "Sallamar daƙiƙa goma sha biyar ce. Ni sunan shirin kaɗai zai cinye ta." Ya juya takardar gurabe a hannunsa. "Bayanin daga Jamilatu zai fito, tana iya faɗa mana a waya, ta kuma saurara kafin ya fita. Baki kawai muke nema. Je ka ɗauko Nagoggo."

Nagoggo ya zo da babbar riga da hula sabuwa, aka sa shi ya cire ya sa kayan gona. Aikin makon shi ne zuba taki na biyu a gindin masara. Maharazu ya karanta masa takardar sau uku a gefen gona, a hankali, ba wanda ke gaggauta shi. Aka kunna kyamara. Nagoggo ya faɗi rana daidai, sannan ya shiga labarin wata damana da aka yi zamanin mahaifinsa, da jakin da ya ɓata a cikinta. Minti shida ya yi bai taɓa taki ba.

Bishir ya sauke kyamara yana dariya. Maharazu ya yanko karan dawa busasshe, ya je ya tsaya bayan mai ɗauka da agogonsa. Ya ce idan ya ɗaga karan, saura daƙiƙa goma, idan ya sauke, an gama.

"Yau kuma ni ne ɗan aji," in ji Nagoggo. "Jakin fa?"

"Ka ba ni shi a hanya."

A ɗauka ta huɗu ya yi daidai. Ya tona ɗan rami nesa da gindin masarar da faɗin yatsu huɗu, ya zuba cikin murfin kwalba ɗaya, ya rufe da ƙasa, ya ce kada a bar shi a fili rana da ruwa su tafi da shi. Wajen Garke kuwa Zuliha ce ta yi, hannuwanta kawai da ƙwarya da muryarta, kamar yadda ta zaɓa. Laraba Bishir ya tura wa Jamilatu, ta saurara da jaririya a cinya, ta aiko da saƙon murya cewa ba ta da gyara. Maharazu ya rubuta sunanta a gurbin ƙarshe. Haka suka yi mako huɗu. Ranar da ta dawo, mutane sun riga sun saba da Nagoggo, don haka aka buɗe kundi aka rubuta cewa Tambaya daga Ƙauye shi zai riƙa gabatar da ita. Maharazu ya ƙara masa daƙiƙa goma, ya cire su daga rufewa, ya ce iyakar abin da zai iya yi wa abota ke nan.

Da ruwan farko na shekarar da ta biyo ya sauka, tsofaffin shirye-shirye suka sake tasowa a wayoyi, kamar yadda ya zata. Jamilatu ta ba shi labarin wani dattijo a Kaikai da aka nuna wa ɗaya, ya saurari daƙiƙa biyar ya mayar da wayar ya ce na bara ne, a jira Alhamis. Maharazu ya ce alhamdu lillahi, ya ci gaba da jan layi.

Bayan girbi Zuliha ta zo da wata bukata. Matan rugarsu da na rugage biyu kusa suna so su yi nasu da Fulatanci, na nono da maruƙa kawai, ƙanen mijinta zai ɗauka da wayarsa. Ta ce ba kyamara ta zo aro ba, littafin take so. Bishir ya ce zai ba ta kwafi. Maharazu ya ce kwafi ba zai yi ba, domin nasu mai kallon daban ne, ranar da suke haɗuwa daban, kuma shafin farko sai an sake shi. Ya sayi wani littafi mai bangon kwali. Litinin uku ta zo ta zauna a bakin zaure tana faɗa yana rubutawa, yana karanta mata tana cewa a'a, ba haka ba. Nasu shirin minti uku ya zama, sashe uku.

Yanzu Malam Maharazu ya haura saba'in. Idonsa ya fara rauni, Jamilatu ce ke cike takardar yana faɗa. Fuskarsa ba ta taɓa fitowa a shirin ba, kuma yawancin masu kallo ba su san da shi ba. Wata rana Bishir ya so ya sa sunansa a ƙarshen hoto, ya ce a bari, rufewar ba ta da wurin ƙari. Amma ya gaya wa matarsa, suna zaune tana tsince wake, cewa shekara talatin da biyar yana ɗauka wannan rubuce-rubucen nasa dabara ce kawai ta mai i'ina don kada yara su yi masa dariya, bai san sana'a Allah ya ba shi ba. Ya ce ya gode da aka bar shi ya kai lokacin da ya gane. Ta ce ita ta daɗe da sani, shi dai ya miƙo mata faifai.